Ɗibar kuɗi a shagon haɗin gwiwa: amsoshin tambayoyinku kan jari, rabon riba da kuɗin ruwa

Malam, ni da yayana muka haɗa jari muka kama shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Shi ya zuba miliyan 4, ni miliyan 1. Dole ne rabon riba ya bi jari?

A lissafin boko ba dole ba ne. Abin da kuka amince a kai shi ake bi. In kun ce kashi 3 nasa, kashi 2 naka, saboda kai ne ke zaman shago tun safe har la'asar, to a kasa ribar gida biyar, ya kwashi uku ka kwashi biyu.

To idan ba mu rubuta komai ba fa, a baki muka yi magana?

Ga inda nake gajiya da ku. Dokar haɗin gwiwa ta Ingila ta 1890, wadda ita ake koya wa yaranmu a darasin akanta na WAEC da NECO, ta faɗa a sashe na 24 cewa in babu yarjejeniya, riba da hasara raba daidai ake yi, ko da wani ya ninka wani jari sau huɗu. Babu albashi ga abokin tarayya, babu kuɗin ruwa a kan jari. Wanda ya ranta wa shago kuɗi bayan jarinsa ne kaɗai ke samun kashi 5 cikin 100 a shekara. Maganar baki tana iya zama yarjejeniya, amma ranar da rai ya ɓaci kowa zai tuna tasa. Ku sami takarda ku rubuta, ku sa hannu gaban shaidu. Wai kunyar ɗan'uwa kuke ji, alhali ran rabon gado babu mai jin kunyar kowa.

Me ya sa kowane abokin tarayya yake da asusu biyu a littafin shago? Ɗaya bai isa ba?

Ɗaya ma yana yi, akwai masu zuba komai a asusun jari yana hawa yana sauka duk shekara. Ni dai biyun nake ba da shawara. Asusun jari yana nan daram: miliyan 4 da miliyan 1, ba a taɓa shi sai an ƙara jari ko an janye shi da yardar kowa. Na biyun, asusun yau da kullum, shi ne ke ɗaukar kai-komo. Kason ribarka ya shiga ɓangaren dama, abin da ka ɗiba da kuɗin ruwansa su shiga ɓangaren hagu. Amfaninsa shi ne da kallo ɗaya za ka gane wanda ya ci fiye da rabonsa, domin hagunsa zai rinjayi damansa, kuma ma'anar hakan ita ce shago ke binsa bashi.

Turmin atamfa uku na ɗaukar wa iyali da Sallah. Shi ma ɗiba ne? Ai shagona ne.

Ɗiba ne. Shagonku ne, ba naka ba. A rubuta shi a kan kuɗin sari, da ranar da ka ɗauka. Haka kuɗin makarantar yara da ka tura daga asusun bankin shago, haka man da ka sha a mota kana tafiya biki Zariya. Kada na ga an cusa su cikin kuɗin haya da na wuta.

Yaya ake lissafin kuɗin ruwa a kan ɗiba? Mu duka dubu 400 muka ɗiba a shekarar, amma akanta ya caje shi fiye da ni.

Akantan ya yi daidai, domin lokaci ake caja, ba yawan kuɗi kaɗai ba. Mu ɗauka shekarar shago daga Janairu zuwa Disamba take, kun kuma amince da kashi 10 cikin 100 a shekara. Yayanka ya ɗibi nasa ranar 1 ga Afrilu, kai kuma ranar 1 ga Oktoba. Kashi 10 na dubu 400 naira 40,000 ne idan kuɗin ya shekara cur a waje. Nasa wata 9 ya yi a waje, don haka naira 30,000 ke kansa. Naka wata 3 ne, naira 10,000.

Yanzu a ce ribar shago bayan an fitar da haya, wuta, dako da albashin yaron shago ta tsaya naira 1,500,000. A asusun rabon riba sai a ɗora 40,000 ɗin nan a kai, ta zama 1,540,000, sannan a kasa biyar. Kowane kashi 308,000 ke nan. Yayanka ya sami 924,000, kai ka sami 616,000.

A asusunsa na yau da kullum, cire dubu 400 da ya ɗiba da 30,000 na ruwa daga 924,000, saura 494,000. A naka, cire dubu 400 da 10,000 daga 616,000, saura 206,000. Haɗa biyun za ka sami 700,000, wato ribar shekara bayan an fitar da dubu 800 da kuka riga kuka ci. In naka lissafin bai ba da wannan ba, ka koma ka duba. Kuskuren da na fi gani guda biyu ne: ko an ɗebe kuɗin ruwan daga riba maimakon a ƙara, ko an ƙara shi a asusun rabo an manta ba a caji mutum a asusunsa ba.

Ni wata-wata nake ɗiba, dubu 20. Sai na yi lissafi sau goma sha biyu?

A'a. Haɗa na shekara, 240,000. In farkon wata kake ɗiba ka lissafa wata 6 da rabi, ka sami 13,000 a kashi 10. In ƙarshen wata ne, wata 5 da rabi, 11,000. Tsakiyar wata kuwa wata 6. Wannan gajeriyar hanya tana aiki ne kawai idan adadin bai canzawa.

Malam, gaskiya zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan ba shi ne kuɗin ruwan da addini ya hana ba? Mu cire shi daga yarjejeniyar ko mu bar shi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma tun farko in faɗa maka fatawa ta malaman fiƙihu ce, ni nawa lissafi. Amma kafin ka je wurinsu ya kamata ka fahimci abin da za ka tambaya, don yawancin masu zuwa suna zaton shago ya ci ribar 40,000 daga waje. Ko kwabo bai shigo aljihun teburin shago ba. Dubi misalin can. Da babu kuɗin ruwa, yayanka 900,000 zai samu, kai 600,000. Da aka sa shi, ya sami 924,000 aka caje shi 30,000, ya tashi da 894,000. Kai ka sami 616,000 aka caje ka 10,000, ka tashi da 606,000. Duk wannan dogon lissafi naira 6,000 ce kawai ta bar hannunsa ta koma naka. Dalilinta kuwa a fili yake: kuɗin da ya fitar tun Afrilu, da yana shago da an sari kaya da shi an juya kafin ƙarshen shekara, kuma da kana da kaso a ribar wannan juyi.

Ƙarancin kuɗin fa ba ya halatta abu. Wanda ya ɗauki ɗibar a matsayin rancen da mutum ya karɓa daga dukiyar da ɗan'uwansa ke da haƙƙi a ciki, zai ce maka ƙari a kan rance saboda tsawon lokaci shi ne ainihin abin da aka hana, kuma ba ni da bakin musa masa. Wani kuma zai iya kallonsa a matsayin gyaran kason riba tsakanin masu dukiya. Wanne ya fi ƙarfi ya danganta da yadda kuka rubuta yarjejeniyarku, shi ya sa nake cewa ku tafi da takardar a hannu, kada ku je da labari. In kun je kuma ku haɗa da maganar kashi 3 da 2 ɗin nan, domin a mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a nan, asali ribar tarayya jari take bi, Hanafiyya da Hambaliyya ne suka yarda a saɓa da yarjejeniya. Hasara kuwa a wurin malaman fiƙihu gwargwadon jari ake raba ta, ko da littafin makaranta ya ce a bi kason riba.

Idan kuka zaɓi cire shi, ba ku rasa komai na a zo a gani ba, matuƙar kun toshe ƙofar da aka sa shi domin ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ku riƙa ɗiba rana ɗaya kuma bisa kasonku: duk ƙarshen wata shi dubu 30, kai dubu 20. A wannan tsari ko da an caji ruwan, abin da aka cire wa kowa shi ne daidai abin da zai dawo masa a rabo, ya zama aikin banza. Wata hanyar ita ce ku yanka iyaka, ku ce babu mai wuce adadi kaza a wata sai da sa hannun ɗayan. In kuma babbar lalura ta taso, aure ko kujerar Makka, a rubuta abin a matsayin janye jari, a sake duba kason riba daga wannan rana. Wannan ta ƙarshen ta fi wahalar lissafi, don sai an raba ribar shekara gida biyu, kafin janyewa da bayanta, kuma shagon da ba ya ƙirga kayansa sai ƙarshen shekara zai sha wuya wurin sanin ribar kowane ɓangare. Ga shago irin naku ni ta farkon zan ɗauka. Kwantar da hankalinka, ba a kanku aka fara ba.

Ni ɗaliba ce, jarrabawa zan rubuta. In tambaya ba ta ba da ranar ɗiba ba fa?

'Yata, karanta tambayar sau biyu tukuna. In an ba ki adadin kuɗin ruwan kai tsaye, ki sa shi yadda yake. In an ce kashi kaza a shekara kuma babu rana, ki ɗauki wata 6 ki rubuta a gefe cewa haka kika ɗauka. In ba a ambaci shekara ba, ki caji kason a kan dukkan kuɗin.

Mu nawa za mu iya haɗuwa? Kuma sai mun yi rajista?

Dokar kamfanoni ta 2020 ta tsayar da haɗin gwiwa irin wannan a mutum 20, in ban da lauyoyi da akantoci. In sunan da ke allon shagonku ba sunayenku na gaskiya ba ne, ku je hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ku yi rajistar sunan kasuwanci.

Ɗan'uwana ya ce tunda ragowar asusunsa 494,000 ce, zai kwashe ta gobe.

Ka tambaye shi a ina za ta fito. Lamba ce a littafi, kuɗin kuwa yana kan kanta a turamen da ba a sayar ba, wani kuma yana hannun masu bashi daga Tudun Wada zuwa Kawo. Ku duba abin da ke banki, ku ware na sari da na haya, sannan ku ɗibi ragowar 3 da 2.