Ƙasa na saye fiye da abin da take sayarwa, to wa ke cika sauran?

Malam, kullum a rediyo sai mu ji an ce Nijar na da giɓi a cinikinta da waje. Wane giɓi ne wanga?

Ɗan'uwa, akwai wani babban littafi da BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na yankinmu, ke haɗawa duk shekara, inda ake rubuta duk kuɗin da suka shigo ƙasa daga waje da duk waɗanda suka fita. Shi ake kira ma'aunin biyan kuɗi. Kashin farko na littafin shi ne asusun yau da kullum, kuma ba kaya kaɗai ke ciki ba. Akwai kaya, wato yuraniyom ɗin Arlit, zinariya, ɗanyen man Agadem, albasar Galmi, wake, ayar Maradi da dabbobi da muke fitarwa, sai shinkafa, manja, magani, motoci da injuna da muke shigowa da su. Akwai ayyuka kamar kuɗin jirgin ruwa, inshora, kujerar Makka da jinya a waje. Akwai ribar da kamfanonin waje ke kwashewa zuwa gida da ruwan bashin da gwamnati ke biya. Sai kuma abin da ke shigowa kyauta, aiken 'yan ci-rani daga Kano, Abijan ko Libiya, da tallafin ƙasashe.

Bari mu ƙaga lissafi don a gane, ba alƙaluman gaske ba ne. A ce a shekara mun sayar da kayan miliyar 600 na sefa, mun sayo na miliyar 900, ka ga an bar mu da ramin 300. Ayyuka suka ci 200, riba da ruwan bashi suka fita da 50, rami ya kai 550. 'Yan ci-rani da masu tallafi suka turo 150. Abin da ya rage, miliyar 400, shi ne giɓin da kake ji a rediyo.

To in babu kuɗin, da me aka biya kayan? Ai ɗan Indiya ba zai ba mu shinkafa don Allah ba.

Wallahi ba zai ba mu ba, kuma an biya shi har sisin ƙarshe. Kuɗin sun fito ne daga kashi na biyu na littafin, inda ake rubuta jari da bashi. A lissafinmu na ɗazu, a ce kamfanonin waje sun zuba jarin miliyar 250 a mai da ma'adinai, gwamnati ta ranto 120 daga Bankin Duniya da kasuwar bashi ta yankinmu, saura 30 ke nan, su kuma sai a ciro daga ajiyar kuɗin waje da ke hannun babban banki. 250 da 120 da 30, an cika 400. Shi ya sa littafin gaba ɗaya kullum yake tashi daidai. Idan ka ji an ce ma'aunin biyan kuɗi ya yi giɓi, ana nufin jari da bashi ba su isa ba sai da aka taɓa ajiya, wato wannan 30 ɗin.

Ni ɗan kasuwa ne, ina shigo da shinkafa. Ina nawa cinikin ke shiga?

Alhaji, naka ma wuri biyu ko uku yake faɗawa. Kuɗin shinkafar kanta na shiga layin kaya. Amma kafin buhu ya sauka Maradi ka biya jirgin ruwa, ka biya inshora, ka biya tashar Kwatano ko ta Lome, duk waɗannan ayyuka ne da ka saya a waje, kuma mu da ba mu da teku nan ne ake yankarmu sosai, layin ayyukanmu kusan kullum a ja yake. Babbar motar da ta ɗauko kayan, in ta ɗan Togo ce kuɗin sun fita, in ta ɗan Maradi ce sun tsaya gida sai dai abin da direba ya kashe a hanya. Kuɗin duwan kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan, daga aljihunka zuwa baitulmalin ƙasa ya tafi, bai tsallaka iyaka ba.

Sai wani abu da duk ɗan Maradi ya sani. Wani kaso na shinkafar nan ba a nan ake cin ta ba, bisa babura take bi ta daji ta Ɗan Isa ta faɗa Jibiya. Shigowarta na rubuce a takardar duwan, fitarta kuwa babu wanda ya rubuta. Haka ragunan da ake korawa da ƙafa, haka man fetur na jarka da ya daɗe yana shigowa ta ɗaya ɓangaren. Masu lissafi ƙiyasi suke yi, abin da ya ƙi daidaita su zuba shi a layin kurakurai da abin da aka tsallake. Don haka in ka ga alƙaluman cinikinmu da Najeriya, ka karanta su da ido ɗaya a kan Jibiya.

Ke nan giɓi masifa ce?

Ba dole ba, Hajiya. A tambayi me aka sayo da kuma wa ya cika. Lokacin da Sinawa na CNPC ke shimfiɗa bututun mai daga Agadem zuwa Seme a Benin, kusan kilomita 2000, bututu da injuna duk daga waje suka zo, giɓi ya kumbura, amma jarin kamfanin ne ya biya, kuma a 2024 mai ya fara fita ta nan. Irin wannan giɓin yana da hanyar biyan kansa, ko da yake kada a yi saurin murna, in mai ya fara kawo kuɗi ribar masu jari ma za ta fara fita ta layin can na riba da ruwan bashi. Wanda ni ke ba ni tsoro shi ne giɓin abinci da ake cikewa da bashi mai ruwa, an cinye shinkafar bara, bana ana biyan ruwanta.

Yaya mutum zai gane abin ya fara yin yawa?

A Najeriya ganewa ba wuya, dala ta yi ƙaranci naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan an sake ta a Yunin 2023, ɗan canji a bakin tasha ma ya riga jarida sani. Mu kuwa sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, kuma ajiyar ƙasashe 8 na yankin a tukunya ɗaya take, to giɓin Nijar ita kaɗai ba ya nunawa a farashin canji. Sai dai ka ga alamu a banki, tura kuɗi waje ya fara ɗaukar kwanaki ana ta neman ƙarin takardu, rance ya yi wuyar samu, ruwan da gwamnati ke biya in za ta ci bashi ya hau. Masana kuma suna duba wata nawa ajiyar za ta iya biyan kayan da ake shigowa da su, in ta yi ƙasa da wata 3 hankali ya tashi. In abin ya game yankin duka ya daɗe, ƙarshensa karya darajar kuɗi ne, dattawa ba su manta Janairun 1994 ba, da aka wayi gari faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100.

Faɗuwar naira ma mu take dawo wa. Ɗan Katsina da ya zo sayen bijimi sai ya tarar nairarsa ba ta kai ba, ya koma ko ya taya da arha, su kuma kayan roba da taliya da sabulu na Kano su yi sauƙi a kasuwarmu, fitarwa ta ragu shigowa ta ƙaru, alhali kuɗinmu ko motsi bai yi ba.