Dawo da tsohon barkwanci a cikin hira

Dawo da barkwanci wata dabara ce ta raha inda mutum zai ɗauko wata magana da aka riga aka yi wa dariya tun ɗazu, ya jefo ta a wani sabon wuri bayan hira ta yi nisa an manta da ita. Sau da yawa dariyar ta biyu tafi ta farko ƙarfi, alhali maganar ba sabuwa ba ce, wani lokacin ma kalma biyu ce ko uku kacal. Masu barkwanci a dandali a Amurka da Birtaniya tsara abin suke yi tun kafin su hau, su dasa magana a farkon wasa su dawo da ita can wajen ƙarshe. Amma a hirar yau da kullum, irin ta majalisa ko teburin mai shayi ko ta mata a gidan biki, babu wanda ya shirya komai, mai kaifin kunne ne kawai yake ganin ƙofa ta buɗe ya shiga.

Yadda abin yake gudana

A ɗauka ana zaune wajen mai shayi bayan isha'i, sai wani tela ya iso a makare, aka ce masa Malam ina ka tsaya tun ɗazu ana jiranka, ya ce wallahi akuya ce ta tare min hanya a lungu. Aka yi dariya daidai gwargwado don kowa ya san uzurin ba shi da ƙafa, aka wuce. Aka shiga maganar ƙwallo, daga nan aka koma tsadar man fetur, an kai wajen minti 40 babu wanda ya sake tuna wata akuya. Sai mai shayi ya juyo wajen wani ɗan acaɓa ya ce, Oga kuɗin jiya fa, har yanzu shiru. Kafin ya buɗe baki wani daga gefe ya ce a hankali, fuskarsa babu ko murmushi, ai akuyar ce ta tare su a lungu. Nan fa wuri ya kaure, har da masu ajiye kofi suna riƙe ciki.

In aka duba abin da ya faru, mai maganar bai ce kun tuna abin da tela ya faɗa ɗazu ba, bai yi wani bayani ba, ya dai ce akuyar, wato wacce kowa ya sani. Kuma bai maimaita maganar yadda take ba, ya ɗauke ta daga makara ya ɗora ta kan bashi, kuma ta zauna daram saboda duk biyun uzuri ne na wanda bai cika alkawari ba. Wannan dacewar ita ce ƙashin bayan abin. Da ya jefo akuyar lokacin da ake maganar farashin fetur da sai dai a kalle shi.

Me ya sa ta biyu tafi ƙarfi

Masana raha sun daɗe suna cewa dariya tana fitowa ne daga haɗuwar abin da ba a zata ba da abin da ya dace, ra'ayin da ake dangantawa da masana falsafa irin su Kant da Schopenhauer. Barkwancin farko sai ya gina komai daga tushe, a gabatar da akuya, a gabatar da lungu. Na biyu kuwa ya tarar da ginin a tsaye, ba ya ɓata lokaci, faɗowa kawai yake yi. Mai sauraro yana jin kalmar sai ya ɗan yi tsai na ƙiftawar ido, wace akuya kuma, sannan ya tuno, kuma shi da kansa ne ya haɗa igiyar ba wani ya haɗa masa ba. A ganina nan ne asalin daɗin yake, mutum yafi yi wa abin da ya gano da kansa dariya fiye da abin da aka tauna aka ba shi.

Sai kuma batun zumunci. Robert Provine, wani masani da ya koyar a Jami'ar Maryland ta Amurka, shi da ɗalibansa sun bi mutane a wuraren taruwa suka rubuta yadda dariya ta auku sau 1,200, sai suka tarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ne kawai ya biyo bayan abin da za a kira barkwanci na gaske, sauran duk maganganu ne na yau da kullum. Ya kuma nuna cewa mutum yafi yin dariya kusan sau 30 in yana cikin mutane fiye da in yana shi kaɗai. Wato dariya alama ce ta muna tare. To maganar akuyar nan babu mai gane ta sai wanda yake zaune lokacin da tela ya iso, don haka duk wanda ya yi dariya yana shaida ne cewa da shi aka fara, kuma yana sauraro.

Inda ake kuskurewa

Kuskuren da yafi yawa shi ne gaggawa. In aka dawo da maganar bayan minti biyu, ba a manta ba balle a tuno, sai ta zama maimaici kawai. In kuma an yi nisa sosai, musamman in dama barkwancin farko bai ci wata dariya ba, sai a jefo ta a ji shiru, wani ya ce wace akuya, kuma da zarar an fara bayani shi kenan ta mutu. Babu wani ƙayyadadden minti da za a ce shi ne daidai, ma'aunin dai shi ne hira ta canza batu aƙalla sau ɗaya ko biyu.

Yawaitawa ma tana kashe ta. A misalin nan in aka ɗauke wuta wani ya ce yau akuyar har ta kai ga turansifoma, za a iya sake kwashewa da dariya don abin ya ƙara girma, daga lungu ya kai ga unguwa gaba ɗaya. Amma in wani ya sake kawo ta karo na huɗu ba tare da ya ƙara mata komai ba, za a ga alamar a fili, dariyar ta koma ta hanci, mutane sun fara duba waya, ko wani ya ce kai a bar akuyar nan ta huta haka.

Akwai kuma wanda aka yi barkwancin a kansa, kuma wannan bai kamata a raina shi ba. Sau ɗaya tsokana ce, amma in kullum aka zauna sai an tuna masa, tana iya zama laƙabi ta bi shi har gida, kuma laƙabai da yawa a unguwanni haka suka samo asali. In yana dariya yana ramawa to lafiya lau, in kuwa ya yi shiru ko yana yaƙe an wuce gona da iri. Matsayi ma yana da tasiri, abin da taubashi zai dawo da shi a kan taubashinsa, ko Bakano a kan Bazazzagi, ko Bafillatani a kan Babarbare, an yarda da shi tun asali don abokan wasa ne, tsokanar tasu ma yawancinta tsofaffin maganganu ne da ake ta juyawa shekara da shekaru. Yaro kuwa ba zai tayar da tuntuɓen bakin da surukinsa ko malaminsa ya yi ɗazu ba ko da kowa ya yi dariya a lokacin.

Baƙon da ya iso a tsakiyar hira shi ma yana shan wahalar abin, kowa na dariya shi yana rarraba ido, wani lokacin har ya zaci da shi ake. Masu iya zama da mutane sukan jira dariya ta lafa sannan ɗaya ya juya ya ba shi labarin tela a taƙaice, don in akuyar ta sake fitowa a yi dariyar da shi.