Tuwo a abincin mai ciwon suga nau'i na biyu

Ciwon suga nau'i na biyu shi ne wanda jiki ke kasa cin moriyar insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini zuwa sassan jiki, yadda ya kamata, sai suga ya taru a jini. Ba a hana mai shi tuwo. Abin da ake tsara masa shi ne girman malmala, irin garin da aka tuƙa, da miyar da za ta raka ta.

Asalin tuwo da sauyin gari

Gero da dawa su ne tsofaffin hatsin tuwo a ƙasar Hausa, kuma a Afirka aka fara noma su. Masara da rogo daga Amurka suka zo, ana jin tun wajen ƙarni na 16 ta hannun Turawan Fotugal, sai daga baya suka bazu zuwa arewa. A da mata kan surfa hatsi a turmi, su sheƙe dusa, su niƙa a dutse, garin ya fito da ɗan tsaki-tsaki. Injin niƙa da garin kanti irin su samobita sun kawo gari mai laushi ƙwarai, ga tuwon shinkafa da ya zama na yau da kullum a birane, alhali a gidaje da yawa can baya na biki ne. Gari mai laushi wanda aka raba da dusarsa yana saurin narkewa, sugansa ya shiga jini da wuri. A 1981 David Jenkins da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto suka fito da ma'aunin GI, mai nuna saurin da abinci ke ɗaga suga.

Awon malmala

Garin masara, dawa, gero ko alkama, duk gram 100 na ɗauke da sitaci kimanin gram 70 zuwa 75. Bambancin da ke tsakaninsu bai kai na yawan da aka ci ba. Gwangwanin madara ɗaya na gari yana kai wajen gram 90 zuwa 100, yayin da ake yawan ba babba shawarar gram 45 zuwa 60 na sitaci a zama guda. Ke nan kashi biyu cikin uku na gwangwani ya isa malmala ɗaya, wadda ba ta fi dunƙulen hannun mai ci ba. A faranti, tuwo ya ɗauki kwata, nama ko kifi ko ƙwai kwata, ragowar rabin na ganye ne.

Miyar kuɓewa, kuka, karkashi, zogale da alayyafo duk sun dace, a rage mai da gishiri da dunƙule. Cin tarayya a kwano ɗaya yana ɓata lissafi, shi ya sa ake kwashe wa mai ciwon nasa daban.

Misali

A ɗauki magidancin da ya saba da malmala biyu ta tuwon masara da dare. Ya auna sugan jininsa kafin ci ya ga 7 a ma'aunin mmol/L, bayan awa biyu da fara ci ya ga 13. Abin da aka fi nema wa manya shi ne 4.4 zuwa 7.2 kafin ci, da ƙasa da 10 bayan ci. Sai ya koma malmala ɗaya ta dawar da ba a surfa ba, ya fara da kwaɗon zogale, ya ƙara kifi, ya ɗan taka bayan Isha. Ya maimaita awon kwana uku, domin awo ɗaya ba ya yanke hukunci. In har yanzu ya haura 10, a duba koko ko kunu ko fura mai suga da ake korawa da su, sannan a kai wa likita lissafin.

Abin da ake saɓani a kai

Ana yawan tallata tuwon alkama da acha a matsayin abincin masu suga. Sakamakon bincike a kansu ya sha bamban, kuma duka biyun sitaci ne. Ɗumame yakan ɗan rage saurin narkewar sitaci, amma kaɗan ne.

Haɗari

Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar maganin suga ta glibenclamide kada ya rage tuwo kwatsam ko ya tsallake abinci ba da sanin likita ba. Rawar jiki, zufa, jiri da yunwa mai tsanani alamu ne na faɗuwar suga ƙasa da 3.9, a sha suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Mai ciwon ƙoda yana da nasa tsarin na nama da ganye.