Musharaka da bashin ruwa wajen sayen injin sana'a

Musharaka yarjejeniya ce da mutum biyu ko fiye suke haɗa jari su raba ribar da aka samu bisa kason da suka amince da shi tun farko, hasara kuwa a raba ta gwargwadon jarin kowa. 'Yar'uwarta ita ce mudaraba, inda ɗaya ke kawo kuɗi, ɗaya ke kawo aiki, kuma hasarar kuɗi ta hau kan mai jari sai in an tabbatar da sakacin mai aiki. Bashin ruwa ya bambanta da su duka biyu, domin mai ba da bashi yana karɓar uwar kuɗi da ƙarin da aka yanka, ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba.

A ɗauki misalin kafinta da zai sayi injin yanka katako na naira miliyan 3, yana da miliyan 1 a hannu. In ya ranci miliyan 2 da ruwan kashi 30 cikin ɗari na shekara, zai biya ruwan naira 600,000, kuma galibi sai ya ba da jingina. In kuma musharaka ya shiga bisa raba riba biyu, abin da zai fita daga hannunsa ya dogara da aiki. Shekarar da injin ya kawo ribar miliyan 1.6, abokin jari zai ɗauki 800,000, wato fiye da kuɗin ruwan. Shekarar da wuta ta yi wuya, man janareta ya cinye ciniki har riba ta tsaya a 400,000, abokin zai tashi da 200,000 kacal. Hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a ribar miliyan 1.2. Idan aka sayar da injin da faɗuwar 600,000, abokin jari zai ɗauki hasarar 400,000, kafinta 200,000. In kuwa bashi kafintan ya ci, shi kaɗai zai sha faɗuwar.

Inda musharaka ke cijewa shi ne lissafi. Ƙananan shaguna da yawa ba su da littafin shiga da fita, kuɗin cefane da na ƙusa aljihu ɗaya suke kwana, don haka tantance riba kan zama rigima. Wasu masu jari sukan kauce wa wannan ta hanyar yanka wa kansu adadi tsayayye kowane wata. Malaman fiƙihu ba su yarda da haka ba, domin rabon riba kaso ne, ba adadi ba.

Wannan wahala ce ta sa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a Najeriya a 2012, suka fi amfani da murabaha wajen sayen kayan aiki. Banki ya sayi injin, ya sayar wa kafinta da ƙarin da aka bayyana, shi kuma ya riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ciniki ne, ba rabon riba ba, kuma farashin ba ya ƙaruwa ko an yi jinkirin biya.