Saɓanin Ash'ariyya da Maturidiyya kan Hankali, Wahayi da Imani

Ash'ariyya da Maturidiyya su ne manyan makarantu biyu na Ahlus Sunna a ilimin kalam, wato ilimin tattauna aƙida da hujjojin hankali. Ta farko ana jingina ta ga Abul Hasan al-Ash'ari, haifaffen Basra, wanda ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 324 bayan Hijira. Ya daɗe yana almajirci wajen al-Jubba'i, malamin Mu'utazila, masu ba hankali babban matsayi a aƙida, kafin ya raba gari da su, an ce yana da kimanin shekara arba'in. Ta biyu ta samo suna daga Abu Mansur al-Maturidi na Samarkand, marubucin Kitabut Tauhid, wanda ya rasu wajen 333. Yawancin Malikawa da Shafi'awa Ash'arawa ne, Hanafawa kuwa galibi Maturidawa.

Hankali da wahayi

Malamai kan buga misali da mutumin da ya tashi a kan dutse shi kaɗai, ya balaga da hankalinsa, kiran wani manzo bai taɓa isa gare shi ba. In ya mutu bai san Mahaliccinsa ba, yana da laifi?

Ash'arawa suka ce babu. A wurinsu hankali yana iya gano cewa akwai Mahalicci, amma ba shi da ikon wajabta komai. Wajibi da haram, lada da zunubi, duk sai shari'a ta zo suke tabbata. Hujjarsu ita ce aya ta 15 a Suratul Isra'i, inda Allah ya ce ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo.

Al-Maturidi da malaman Samarkand suka ce mutumin ba shi da uzuri, muddin ya samu lokacin yin tunani, domin sama da ƙasa da halittar jikinsa sun ishe shi shaida. Suna dogara da maganar da aka ruwaito daga Abu Hanifa. Sai dai ba sa ɗora masa salla ko azumi, don waɗannan ba a sanin su sai ta wahayi. Kuma a wurinsu Allah ne mai wajabtawa, hankali hanyar ganewa ce kawai, abin da ya raba su da Mu'utazila ke nan. Hanafawan Bukhara sun fi karkata ga ra'ayin Ash'arawa a wannan mas'ala.

Imani

Duka biyun sun ɗauki gaskatawar zuciya a matsayin asalin imani, kuma ba sa kafirta mai babban zunubi. Maturidawa sun ce imani ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, mafi yawan Ash'arawa kuwa sun ce yana yi. Ba'ash'are na iya cewa "ni mumini ne in Allah ya so", yana duban yadda ƙarshensa zai kasance. Bamaturide yana ganin wannan na nuna shakka, ya ce "ni mumini ne haƙiƙatan".

Girman saɓanin

Tajuddin as-Subki (ya rasu 771) ya ƙirga mas'aloli 13 da makarantun biyu suka saɓa a kansu, ya ce bakwai saɓanin lafazi ne kawai, shida na ma'ana. Wasu malamai sun ƙirga fiye da haka.