Ba kowane zane ne jadawali ba: faifai, ginshiƙi da layi a lokacin kasafin kuɗi

Da zarar ƙarshen shekara ya matso, gwamnoni suka fara kai kasafin kuɗi majalisa, sai kalmar jadawali ta cika gari. Mai sharhi a rediyo ya ce jadawali ya nuna an rage kuɗin ilimi, mai magana da yawun gwamnati ya fito ya ce jadawali ya nuna an ƙara. In ka samu hoton da suke magana a kai, sai ka tarar ba jadawali ba ne ma, wani zane ne mai kama da faifai, an yanka shi gida-gida an shafa launuka. Wannan abu yana damuna, domin sunan da muka haɗa wa abubuwa huɗu daban-daban shi ne ke hana mu tambayar ko an zaɓi wanda ya dace.

Kalmar daga Larabci muka aro ta. A can, ma'anarta ta farko ƙaramar magudanar ruwa ce, irin wadda ake ja daga rafi zuwa cikin lambu. Duk wanda ya taɓa ganin lambun rani ya san siffar: hanyoyin ruwa a miƙe, wasu a tsaye wasu a gicciye, sun raba ƙasa fangali-fangali. Daga nan sunan ya koma kan takardar da aka ja wa layuka aka raba ta gida-gida, kowane gida da abin da aka rubuta a ciki. Shi ya sa muke cewa jadawalin lokutan salla, jadawalin jarrabawa, jadawalin gasar ƙwallo. Duk a cikinsu karantawa kake yi, ka bi layi da yatsa har ka isa gidan da kake nema. Zane kuwa kallonsa ake yi. An ɗauki lambobin da ke cikin jadawali an mai da su tsawo, ko faɗi, ko gangara, don ido ya kama abu tun kafin a karanta. Kuma wanda ya yi zanen ya riga ya zaɓar maka abin da idonka zai fara kamawa. Jadawali yana ba ka lambobi ka yi hukunci da kanka, zane kuwa da ra'ayin mai shi yake zuwa, ko ya sani ko bai sani ba.

Zane uku ne ake yawan gani a wurin gabatar da kasafi. Akwai na faifai, da'irar da aka yanka kamar kankana. Akwai na ginshiƙai, sanduna a jere, kowanne da tsawonsa. Akwai na layi, wanda ke hawa da sauka daga hagu zuwa dama. Abin sha'awa, mutum ɗaya ne ake danganta wa dukkansu, wani ɗan Sikotlan mai suna William Playfair. Ya fitar da zanen layi da na ginshiƙai a 1786, na faifai kuma a 1801. Yawancin zanukansa na 1786 na layi ne, saboda yana da lissafin cinikin Ingila na shekaru masu yawa. Da ya zo kan Sikotlan sai ya tarar lissafin shekara ɗaya kawai gare shi, babu abin da layi zai bi, shi ne ya jera ginshiƙai yana kwatanta ƙasashen da ake ciniki da su. Tun daga tushe ke nan, irin lambobin da ke hannu ne suka zaɓi zane, ba kyan gani ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne a ɗauki faifai a ce zai nuna yadda kashe kuɗi ke tafiya shekara bayan shekara. Faifai ba ya da lokaci a jikinsa. Tambaya ɗaya yake amsawa: a cikin wannan dunƙule, a wannan shekara, wa ya samu nawa? Bari mu ƙaddara misali. A ce wata jiha ta yi kasafin naira biliyan 200 bara, ta ba ilimi biliyan 40, wato kashi 20 cikin ɗari. Bana kasafin ya koma biliyan 400, ilimi ya samu biliyan 60, wato kashi 15 cikin ɗari. Idan aka ajiye faifai biyu gefe da gefe, girmansu ɗaya a kan allo, yankin ilimi na bana zai fito ya fi na bara ƙanƙanta. Mai kallo zai tashi da cewa an rage wa ilimi kuɗi, alhali an ƙara masa biliyan 20, rabin abin da yake da shi a da. Faifan bai yi ƙarya ba, kason ilimi ya ragu da gaske. Amma ya ɓoye cewa tuwon da ake rabawa ya ninka.

To sai ɓangaren gwamnati ya kawo ginshiƙai biyu, ɗaya 40 ɗaya 60, ya ce ga ƙari nan kowa ya gani. Shi ma gaskiya ne, amma akwai abu biyu da ya kamata a duba kafin a yi tafi. Na farko, daga ina ginshiƙan suka tashi? Ma'anar ginshiƙi tana cikin tsawonsa, don haka dole gindinsa ya zauna a kan sifili. Idan mai zane ya sa ma'aunin gefe ya fara daga 35, ginshiƙin bara zai yi tsawon taki 5, na bana taki 25. Ido zai ga ninki biyar, alhali ƙarin rabi ne kawai. Wani lokaci ba da mugun nufi ake yi ba, Excel da kansa yakan datse gindin idan lambobin suna kusa da juna. Maganinsa a danna ma'aunin gefen, a shiga Format Axis, a sa Minimum ya zama 0. Mai kallo kuma ya saba wa kansa duba lambar da ke can ƙasa ta hagu kafin ya dubi launi.

Na biyu shi ne tsadar kaya, kuma a nan ne nake ganin ana zaluntar mai sauraro. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A ce misalinmu ya faɗo a shekara irin wannan, mu ɗauka kashi 35. Sai a raba 60 da 1.35, a samu kusan biliyan 44 da rabi a kuɗin bara. Ke nan abin da biliyan 60 za ta saya na siminti da benci da littattafai ya ɗara na bara da kusan kashi 11 cikin ɗari ne kawai. Lamba ɗaya, labari uku: kaso ya ragu, naira ta ƙaru da rabi, ƙarfin saye ya ɗan motsa kaɗan. Mai gabatarwa na kirki zai rubuta a saman zanensa wanne daga ciki yake nunawa.

Idan abin da ake so a gani shi ne alƙiblar da kuɗi suka dosa, aikin layi ne, kuma layi yana son shekaru da dama. Ɗigo biyu ba sa nuna alƙibla, ko yaya ka haɗa su miƙaƙƙen layi za su ba ka. Ɗauki kasafin tarayyar Najeriya kamar yadda aka fara sa masa hannu: tiriliyan 13.59 a 2021, 17.13 a 2022, 21.83 a 2023, 28.78 a 2024, sai 54.99 a 2025. A kan layi za ka ga hawa a hankali na shekara huɗu, sannan tsalle guda. Wannan tsallen shi ne labarin, kuma faifai biyar a jere ba za su taɓa nuna shi ba. Amma ko a nan akwai tarko. A tsakiyar 2024 an yi ƙarin kasafi na sama da tiriliyan 6, wanda ya kai jimillar shekarar kusan tiriliyan 35. In ka ɗora 28.78, tsallen zuwa 2025 ya haura kashi 90 cikin ɗari. In ka ɗora 35, bai kai kashi 60 ba. Kowanne za a iya kāre shi, abin da ba za a iya kārewa ba shi ne a ɗauki wata shekara da ƙarinta, wata kuma ba ƙari, a haɗa su a layi ɗaya ba tare da an faɗa ba. Haka nan idan aka tsallake shekaru, aka jera 2015 da 2019 da 2024 da 2025 da tazara iri ɗaya, gangarar layin ta zama ƙarya ko da kowace lamba daidai ce.

Layi ba dole ne ya fara daga sifili ba, tunda gangararsa ake kallo ba tsawonsa ba, sai dai a rubuta ma'aunin a fili. Kada kuma a cika shi. Ma'aikatu uku ko huɗu sun isa, da sunan kowace a ƙarshen layinta. In sun kai goma sai su sarƙe kamar zaren da kaza ta shiga. Kuma kada a ja layi tsakanin abubuwan da ba su bin juna. Na sha ganin layi ya tashi daga lafiya ya hau zuwa ayyuka ya gangaro zuwa noma, kamar akwai wata hanya tsakaninsu. Wannan wurin ginshiƙai ne, a jera su daga babba zuwa ƙarami, a kwantar da su idan sunayen ma'aikatun dogaye ne.

Ban ce a jefar da faifai ba. Idan shekara ɗaya ce, yankuna ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma sun haɗu sun cika ɗari, yana aiki sosai: albashi da gudanarwa, manyan ayyuka, biyan bashi, kuɗin da doka ta ware kai tsaye. Mutum zai ga nan take ko bashi ya cinye rubu'i ko ya wuce. Amma faifai mai ma'aikatu ashirin, ko wanda aka karkata shi ya yi kauri don ado, yana ƙara wa yankin da ke gaba girman da ba nasa ba, kuma ido ba ya iya bambanta kashi 12 da kashi 14 a kusurwa, alhali a ginshiƙi yana gani.

Zanen da na fi so in gani, kuma shi aka fi ƙin nunawa, shi ne na ginshiƙai biyu-biyu: a kowace shekara, ɗaya na abin da aka ware, ɗaya na abin da aka kashe da gaske. Galibin abin da ake haskawa ranar gabatar da kasafi alkawari ne, ba kashewa ba. Ƙasashen Afirka sun amince a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, kuma abu ne mai sauƙi a yanka wa lafiya wannan kaso a kan faifai. A misalinmu na ɗazu, in daga biliyan 60 ɗin ilimi biliyan 36 kawai aka saki, to kashi 60 cikin ɗari aka aiwatar, kuma abin da ya isa makarantu bai kai biliyan 40 da aka ware bara ba. Lambobin wannan zane suna cikin rahoton aiwatar da kasafi na kowane wata uku, wanda Ofishin Kasafi na Tarayya da jihohi da dama ke wallafawa, kuma shi wannan rahoton, layi-layi gida-gida, shi ne ya cancanci a kira shi jadawali.