Waiwaye: daga dafin kibiya zuwa ƙwayar ciwon zuciya

Mafarautan da a ƙasar Zamfara da Kabi sun san tsiron kwankwani. Da 'ya'yansa ake haɗa dafin kibiya, kuma naman da aka harba zuciyarsa ce ke tsayawa. Sinadaran da ke wannan aiki danginsu ɗaya da na farin ruwan tumfafiya, da kuma digoksin, ƙwayar da ake ba mai raunin zuciya a asibiti.

Asalin digoksin ganyen dijitalis ne, wani tsiro na Turai. A 1785 likita William Withering na Ingila ya wallafa yadda ya yi ta gwada ganyen a kan masu kumburin jiki. Awonsa kuwa jikin majinyaci ne: a ci gaba da bayarwa har sai fitsari ya yawaita, ko amai ko gudawa ta kama, ko bugun jijiya ya ragu, sai a tsaya. Wato sai an taka gefen rijiya ake sanin an iso.

Lissafi ya zo daga baya. A 1927 J. W. Trevan ya kawo LD50, adadin da ke kashe rabin dabbobin gwaji. A kan mutane, yau ana raba adadin da ke cutar da rabinsu da adadin da ke yi wa rabinsu aiki: TD50/ED50. In amsar ta fito 100, akwai sarari. Ta digoksin ba ta wuce kamar 2 ba, ninki ɗaya ya isa a faɗa.

Dalilin ƙuncin shi ne amfanin da cutar ta ƙofa ɗaya suke shiga. Sinadarin na toshe famfon da ke fitar da gishirin sodiyam daga tsokar zuciya yana shigar da fotasiyam. In ya toshe kaɗan, bugu ya yi ƙarfi. In ya ƙara, bugu ya rikice.

A ɗauka wani dattijo a Gusau na shan maikirogiram 125 na digoksin kullum, tare da maganin sa fitsari. Awon digoksin a jininsa nanogiram 0.8 a kowace mililita, daidai ke nan. Bazara ta shigo, gudawa ta kama shi, ruwan jiki ya ƙafe. Ƙoda ce ke fitar da digoksin, kuma ko tana lafiya sai kusan kwana biyu take rage rabinsa, balle ta gaji. Maganin fitsarin kuma ya zubar da fotasiyam, wanda da ma shi ke gasa da digoksin a bakin famfon. Bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba, amma awon ya haura 2. Za a ga ya ƙi abinci, yana amai, yana cewa komai ya koma rawaya, bugun jijiya ƙasa da 60 a minti ko yana tsallake. A dakatar da ƙwayar, a kai shi asibiti a ranar.

Wannan fa ƙwaya ce da aka auna. Jiƙon tumfafiya ba shi da awo: ƙarfinsa na bin shekarun tsiron, da ƙasar da ya fito, da ganye aka ɗiba ko saiwa, da daɗewarsa a ruwa. Ludayin jiya da na yau ba ɗaya ba ne.